Farantan sola huɗu da inbata mai 3kVA: za su zauna lafiya?

"Assalamu alaikum. Ina Zariya. Wani abokina zai bar gari, ya ce in sayi inbatarsa da batura biyu na ruwa masu 200Ah. Na kuma ga farantan sola huɗu a wani shago da rahusa, mai shagon ya ce inbata mai 3kVA za ta ɗauki huɗun ba matsala. A gida muna da firiza, fanka uku, talabijin, ƙwan lantarki takwas da injin jan ruwa mai doki ɗaya. Ga abin da na kwafo daga sitikun, ta farantin da ta inbatar. In saya ko in haƙura?"

```
Pmax 550W   Vmp 41.96V   Imp 13.11A
Voc 49.90V   Isc 14.00A
Max series fuse 25A
STC: 1000W/m², 25°C, AM1.5
```

```
Rated power 3000VA/2400W
DC input 24VDC   AC output 230VAC 50Hz
MPPT range 30~80VDC
Max. PV open circuit voltage 102VDC
Rated PV power 1000W   Max. solar charging 40A
```

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka kwafo rubutun gaba ɗaya, domin da "3kVA" da "550W" kawai ka turo, da babu abin da zan iya ce maka. Amsar a taƙaice ita ce wannan inbatar ba za ta ɗauki farantan nan huɗu ba. Biyu za ta ɗauka, su ma sai an haɗa su ta hanya guda ɗaya tak. Bari mu bi rubutun tare, ka ga dalili da idonka.

Mu fara da farantin, domin kafin a yi maganar dacewa sai an tabbata sitikar gaskiya take faɗa. Sitika takarda ce, kowa zai iya bugawa ya manna, kuma na sha ganin faranti mai wat 300 sanye da rigar mai 500. Gwaji na farko da alƙalami ake yinsa. Vmp shi ne bolt ɗin da farantin ke bayarwa lokacin da yake aiki da iyakar ƙarfinsa, Imp kuma amfiyar da yake turawa a wannan lokacin. In ka ninka su biyun dole su ba ka Pmax, wato iyakar wat ɗin farantin:

```
41.96 × 13.11 = 550.1
```

Naka ya daidaita. Mai buga sitikar jabu sau da yawa babbar lambar kawai yake canzawa, ya manta da ƙananan, sai ka ninka ka samu 330 alhali a sama an rubuta 500. Amma akwai masu wayo da suke kwafo lambobin kamfani daidai, don haka cin wannan gwajin bai wanke faranti ba, faɗuwarsa ce kawai ke tona shi.

Gwaji na biyu shi ne wanda babu mai iya yi masa dabara, wato girman jiki. Ka koma shagon da tef ɗin awo. Rana mai ƙarfi tana zuba kusan wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, kuma farantan da ke kasuwa yanzu suna juya kashi 20 zuwa 23 cikin ɗari na wannan hasken zuwa wuta. Ke nan murabba'in mita ɗaya ba zai wuce wat 200 zuwa 230 ba. Faranti mai wat 550 na gaskiya tsawonsa yana kusan mita 2.28, faɗinsa kusan mita 1.13, wato murabba'in mita biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Ya fi ƙofar ɗaki tsawo, nauyinsa yana tsakanin kilo 27 da 29, mutum ɗaya ba ya hawa tsani da shi cikin sauƙi. In ka auna ka ga mita 1.65 da mita ɗaya, wannan bai wuce wat 250 zuwa 330 ba, komai aka rubuta a bayansa. Sannan ka duba ta gaba, ƙarƙashin gilas ɗin, a gefe ko a kusurwa. Kamfanoni suna sa lambar shaida a ciki kafin a liƙe gilas, inda hannu ba ya kaiwa. Ta yi daidai da wadda ke kan sitikar baya, kuma kowane faranti da tasa. In huɗun duk lamba ɗaya suke ɗauke da ita, ka yi sallama ka fita.

Masu shago suna da wata al'ada ta fito da faranti rana, su sa masa mita, su nuna maka bolt 46 ko 47, su ce ka gani lafiyarsa ƙalau. Abin da suke aunawa Voc ne, bolt ɗin faranti lokacin da babu abin da ke jan wuta daga gare shi. Wannan awon yana nuna maka ƙwayoyin cikinsa a haɗe suke, amma ba ya nuna ƙarfinsa, domin bolt ya dogara da yawan ƙwayoyin da aka jera ne, kowace tana ba da kusan bolt 0.69. Faranti irin naka yana da rabin-ƙwaya 144, an kasa su layi biyu na 72, shi ya sa ka ga 49.9. Ƙaramin faranti mai ƙananan ƙwayoyi 72 shi ma zai nuna kusan haka, ko da rana ta yi sanyi. Amfiya ce ke faɗar gaskiyar ƙarfi. Ka nemi mai gyara da ke da mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya, kuma mai auna DC. A rufe farantin da kwali, a haɗa wayoyinsa biyu da juna, a cire kwalin da tsakar rana yana fuskantar rana sosai, a maƙala mitar. Wannan amfiyar ita ce Isc a sitika, kuma faranti mai Isc 14 ya kamata ya nuna amfiya 11 zuwa 14 a rana mai kyau. In ya tsaya a 7 ko 8 rana tana ƙwalla, ba mai 550 ba ne. A sake rufe shi kafin a raba wayoyin. Faranti ɗaya ake yi wa haka, kada a gwada da waɗanda aka riga aka jera, kuma kada a yi da ƙaramar mita ta gama-gari, domin iyakarta amfiya 10 ce, fiyus ɗinta zai tsinke.

Mu ɗauka farantan sun ci gwaji. Akwai layin ƙarshe na sitikar da kowa ke tsallakewa, mai STC. Yana gaya maka a wane yanayi aka samu 550 ɗin: a ɗakin gwaji, da haske cikakke, farantin kansa yana digiri 25. Ba iskar gari ba, jikin farantin. A kan kwanon Zariya a watan Afrilu, lokacin da iska ke kusan digiri 38 ko 40, jikin faranti yakan kai 60 zuwa 65. Irin waɗannan farantan suna rasa kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsu a kan kowane digiri da ya haura 25. Digiri 40 na ƙari ya cinye kashi 14, saura wat 470 da 'yan kai. Ka cire na ƙura da na waya, sai ka ga 420 zuwa 450 a kan allon inbata. Wannan ba cuta ba ce, haka ɗabi'arsa take. Wasu sitikun ma suna kawo layi na biyu mai suna NOCT ko NMOT, wanda ya fi kusa da rayuwa ta zahiri, kuma a nan mai 550 yakan nuna wat 410 ko kusa da haka. Ka riƙe wannan: zafi yana sauke bolt ɗin faranti, sanyi yana ɗaga shi. Nan gaba kaɗan za ka ga inda zai yi mana aiki.

Yanzu inbatar. Kuskuren mai shagon, in ma kuskure ne, shi ne ya ɗauki 3kVA a matsayin abin da ke yanke hukuncin yawan farantai. Inbata irin wannan na'ura biyu ce a cikin akwati ɗaya. Ɗaya tana karɓar wutar batir ta mai da ita irin ta NEPA don kayan gida, ita ce mai 3000VA. Ɗayar caja ce, tana karɓar wutar farantai ta zuba wa batir, kuma ita ce layuka uku na ƙasa ke magana a kanta. Farantanka da cajar suke hulɗa, ba ruwansu da 3kVA. Akwai inbatoci masu 3kVA da ke karɓar farantan wat 600 kacal, akwai masu karɓar 3000 har 4000, alhali rubutun gaban kwalinsu iri ɗaya ne.

A cikin layukan nan uku, wanda ke kisa shi ne 102VDC. Sauran biyun in ka ƙetare su asara kawai za ka yi, wannan kuwa in ka ƙetare shi allon cajar ne zai ƙone, kuma garanti ba ya biyan irin wannan ƙunar.

Hanya biyu ake haɗa farantai. Akwai siris, inda jar wayar wannan ke shiga baƙar wancan kamar an riƙe hannu a layi. A nan bolt ne ke taruwa, amfiya ta tsaya yadda take. Akwai faralel, inda ake tara jajaye wuri ɗaya, baƙaƙe wuri ɗaya; a nan amfiya ce ke taruwa, bolt ya tsaya. Masu haɗa sola sun fi son siris domin ya fi sauƙi kuma ba ya cin waya mai kauri. Huɗu a siris bolt 199.6 ne, kusan ninkin abin da cajarka ke ɗauka, ba sai an tattauna ba. Uku 149.7 ne, shi ma ya fita. Na taɓa zuwa wani gida da aka jera uku irin haka a kan inbata mai wannan iyakar. Da aka ɗaga bireka sai aka ji ƙara kamar an fasa leda, wari ya tashi, ɓangaren NEPA da na batir suna aiki amma sola ta mutu tun ranar farko.

Biyu a siris ne tarkon, domin lissafin yana kama da ya shiga:

```
49.9 × 2 = 99.8V   (< 102V)
```

Mutum zai ce saura bolt biyu, an tsira. Amma 49.9 ɗin a digiri 25 aka auna shi. Da asubahin hunturu, a Disamba da Janairu, sanyin Zariya da Kano yakan sauka kusan digiri 12 ko 13, a Jos ma ya fi haka sauka, kuma faranti da ya kwana a waje yana daidai da sanyin iska ko ƙasa da shi. Voc ɗin irin wannan farantin yana hawa da kusan kashi 0.27 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya gaza 25. Ba kasafai ake rubuta wannan lambar a sitika ba, tana cikin takardar bayanan farantin, wadda za ka samu in ka nemi lambar samfurinsa a intanet. Digiri 13 na ragi ya ba da kashi uku da rabi:

```
99.8 × 1.035 = 103.3V   (> 102V)
```

Ka ga an ƙetare. Ban da wannan, kamfanoni da yawa suna rubuta cewa Voc na iya bambanta da kashi 3 sama ko ƙasa, wanda shi kaɗai ya isa ya cinye bolt biyun da ake taƙama da su. Zan yi adalci in faɗa maka cewa da sassafe hasken bai cika ba, don haka bolt ɗin ba kullum yake kaiwa ƙololuwa ba. Shi ya sa za ka ji wani ya ce ai nawa haka aka haɗa, wata takwas ke nan lafiya lau. Gaskiya ya faɗa, sai dai a Maris aka haɗa masa, bai ga Janairu ba tukuna. Ni ƙa'idata ita ce in bar aƙalla kashi 10 tsakanin jimlar Voc da iyakar caja, wato a kan inbatarka ba zan wuce bolt 92 ba.

Ko da ba maganar ƙonewa, siris ɗin yana da matsala ta biyu. Layin 30~80VDC shi ne tazarar da cajar ke iya neman inda faranti ya fi ba da wuta. Vmp biyu a siris bolt 83.9 ne, ya haura 80. Da rana ta yi zafi zai sauko cikin tazarar, da safe kuwa yana waje. Kullum a bakin iyaka ake.

Saura faralel. Bolt ya tsaya a 49.9 in babu aiki, nesa da 102 ko da sanyi ya kai inda ya kai. Lokacin aiki yana 42, da zafin rana ya sauko 36 ko 37, har yanzu yana sama da 30 kuma sama da bolt 28 zuwa 29 da batura biyu ke buƙata don su cika. Nan ne farantinka ke zaune lafiya. To, guda nawa? Cajar ta ce wat 1000, amfiya 40. Lambobin nan biyu kusan magana ɗaya suke yi, domin amfiya 40 a kan batir mai bolt 26 zuwa 28 wat 1040 zuwa 1120 ne. Wannan ne bakin tulunta, duk ruwan da ka zuba fiye da haka ba zai shiga ba. Faranti biyu wat 1100 ne a takarda, 850 zuwa 900 a kan rufi, sun zauna daidai kamar don ita aka yi su. Huɗu wat 2200 ne a takarda, kusan 1750 da tsakar rana. Cajar za ta ɗauki 1000 ta bar sauran a kan kwano. Za ka ɗan amfana da safe da yamma da ranar hadari, amma a sa'o'in da suka fi albarka kuɗin faranti kusan biyu ne ke shan rana a banza.

Kuma faralel yana da nasa kuɗin. Biyu suna tura amfiya 26, kuma a bolt 40 kowane bolt da ya ɓata a waya yana da zafi. In daga rufi zuwa inbata mita 15 ne, wuta tana tafiyar mita 30 zuwa da dawowa. Waya mai 4mm² da aka saba sawa za ta cinye kusan bolt 3.4, wato kashi 8 na wutarka ya koma ɗumama waya. Mai 10mm² za ta rage shi zuwa bolt 1.4. Ka tabbata tagulla ce zalla. Akwai wayoyin alminiyam da aka shafa wa launin tagulla, in ka kankare da wuƙa sai fari ya fito. Da ka ƙara faranti na uku, amfiya ta kusa 40, ta wuce abin da yawancin mahaɗan wayar faranti, waɗanda ake kira MC4, ke ɗauka, wanda yake kusan 30. Nan kuma layin fiyus 25A na sitikar ke shigowa. In faranti ɗaya ya samu matsala a ciki, sauran biyun za su juyo su tura masa nasu amfiya 28, fiye da 25 da aka ce jikinsa na jurewa. Don haka daga uku zuwa sama dole kowane faranti ya samu fiyus ɗinsa na DC kafin a tara su. Biyu ba sa buƙata, domin ɗaya ba zai iya tura wa ɗan'uwansa fiye da 14 ba. Kafin ma a yi tunanin na ukun, a duba littafin inbatar a ga iyakar amfiyar da mashigar solarta ke karɓa, domin ba a rubuta ta a sitikar da ka turo ba.

Wani abu da za ka tabbatar da idonka: cewa da gaske MPPT aka rubuta, wato irin cajar da ke juya rarar bolt ɗin faranti zuwa amfiya. Akwai 'yar'uwarta mai akwati iri ɗaya da launi iri ɗaya, amma cajarta PWM ce. Ita wannan ba ta juya rarar bolt zuwa amfiya, jawo farantin take yi ƙasa zuwa bolt ɗin batir. Faranti mai amfiya 13 da ɗan ɗoriya a kan bolt 28 wat 370 ne ko kusa, kusan kashi ɗaya bisa uku ya tafi. Tunda taka ta nuna tazarar 30~80, alama ce mai kyau.

Yanzu mu shiga cikin gida. 3000VA/2400W yana nufin 2400 ne abin da za ka yi lissafi da shi, ba 3000 ba. Fanka uku na sama kusan wat 210, talabijin 80, ƙwayaye takwas 80, firiza 120 zuwa 150 in tana tafiya. Duka ba su kai 550 ba, inbatar ba za ta ma san ana yi ba. Injin ruwan ne abin lura. Doki ɗaya wat 746 ne na aikin da yake fitarwa, amma abin da yake ja daga wuta yakan kai 1000 zuwa 1100, kuma a daƙiƙar da yake tashi yakan ninka wannan sau uku zuwa biyar. Inbatoci irin taka galibi suna jure ninkin ƙarfinsu na 'yan daƙiƙu, don haka mai yiwuwa ne ta tayar da shi, amma da ƙyar. Abin da ya fi kayar da ita ba injin ba ne, batir ne. Wat 2400 a kan bolt 24 amfiya 100 ne da ɗoriya, kuma lokacin tashin injin ya fi haka. In baturan sun gaji ko wayarsu siririya ce, bolt zai faɗi nan take, inbata ta yi kuka ta ɗauke wuta. Wayar batir kada ta gaza 25mm², gara ma 35, kuma gajeriya. A riƙa kunna injin tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu na rana, kuma kada a haɗa shi da dutsen guga. Ka roƙi abokinka a gwada inbatar da injin naka kafin kuɗi su shiga hannunsa.

Inda lissafin ya fi tsanani shi ne na yini guda, wanda ake yi da Wh, wato wat sau awannin da abu ya yi a kunne. Firiza kusan 1200Wh, fanka uku na awa goma 2100, talabijin awa biyar 400, ƙwayaye awa shida 480, injin ruwa rabin awa 500. Sai abin da kowa ke mantawa: inbatar kanta tana shan wat 25 ko fiye da haka muddin a kunne take, ko ba a jona komai ba, wanda a awa 24 ya kai 600. Jimla kusan 5300Wh. Abin da faranti biyu za su kawo kuma, in muka ɗauki awa biyar na cikakkiyar rana muka cire kashi ɗaya bisa huɗu na asara:

```
1100 × 5 × 0.75 = 4125Wh
```

Akwai giɓin kusan 1200Wh kullum, kuma a Agusta da kwanakin da hazo ya rufe gari zai fi haka. In unguwarku tana samun NEPA awa uku ko huɗu a rana, inbatar za ta cike giɓin da kanta, tsarin ya zauna. In babu wuta sam, biyu ba za su riƙe gidan ba sai an rage kaya, kuma fanka ce wurin ragewa: fankar DC tana shan kusan rabi ko ƙasa da rabin ta gargajiya, uku daga cikinsu sun kusa share giɓin.

Baturan ma suna da maganarsu. Biyu masu bolt 12 a siris sun zama bolt 24, amma Ah bai taru ba, yana nan 200. Wato 4800Wh, kuma batir na ruwa rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, saura 2400. Abin da gidanka ke ci daga magariba zuwa hantsi ya haura 3000, galibinsa fanka. Ka ga ko sababbi ne za a riƙa matse su fiye da kima, balle waɗanda suka yi aiki a gidan wani. Ka duba ranar da aka buga a jikinsu, ka sa a cika su, a ɗora musu kaya na awa biyu ko uku, sannan a auna kowanne shi kaɗai. In ɗaya ya faɗi ƙasa da ɗan'uwansa da rabin bolt ko fiye, ya kusa tafiya, kuma zai ja ɗayan. Sannan batir na ruwa mai 200Ah ya fi son a caja shi da amfiya 20 zuwa 30. A shiga saitin inbatar a rage iyakar caji zuwa nan, domin 40 kullum zai sa ya riƙa zafi yana shanye ruwa.

In ni ne, ga yadda zan yi. In kuɗin abokinka mai sauƙi ne kuma kuna ɗan samun NEPA, ka karɓi inbatar, ka sayi faranti biyu, ka haɗa su faralel da waya mai 10mm² da bireka ta DC, kuɗin sauran biyun ka sa a fankokin DC da tanadin batir. In kuwa huɗun kake so domin babu wuta, akwai hanya biyu. Ko dai ka ƙara caja ta MPPT mai zaman kanta, mai iyakar bolt 150 da amfiya 40 zuwa 60, ka ba ta biyun a siris, domin 103 ba komai ba ne a wurinta. Sai dai caja biyu za su iya tura amfiya 70 zuwa 80, wanda ya fi ƙarfin baturanka, don haka dole a ƙara batir ko a koma lithiyam. Ko kuma ka bar inbatar abokinka ka nemi irin wadda sitikarta ke cewa 450VDC ko 500VDC. A kan irinta huɗun a siris suke tafiya da waya mai 4mm² ko 6mm²: Voc kusan 207 da sanyi, Vmp 168, ya sauko kusan 148 da zafi. Amma a nan ƙasan tazarar za ka duba. In an rubuta 120~450VDC, huɗu sun shiga, uku suna bakin ƙofa domin zafi zai sauke su ƙasa da 120, biyu kuwa ba za su taɓa tayar da cajar ba, allon zai riƙa nuna babu sola rana tsaka. Ka kuma nemi layin iyakar amfiyar mashigar sola, domin wasunsu 13A aka rubuta, farantinka kuwa 13.11 yake turawa. Wadda ta ce 18A ko fiye ita ce za ta bar shi ya yi aiki da duk ƙarfinsa.